GUDUN ASUBA: DAGA DAJIN BEKOJI ZUWA FILIN WASA NA ABUJA

A cikin watan Oktoba na shekarar 2003, lokacin da Nijeriya ta karɓi baƙuncin Wasannin Ƙasashen Afirka karo na 8, jama'ar da suka hallara a Babban Filin Wasa na Abuja sun ga wata siririyar yarinya daga ƙasar Habasha ta zagaya filin sau 25, ta riga kowa isowa. Sunanta Ejegayehu Dibaba, shekarunta 21 a lokacin, tseren kuwa na mita 10,000 ne. Aka rataya mata lambar zinariya, aka buga taken ƙasarta, 'yan kallo suka watse. Kaɗan ne daga cikinsu suka tambayi kansu daga ina wannan yarinya ta fito, da kuma irin hanyar da ta biyo kafin ta iso Abuja.

Amsar ita ce, ta fito ne daga wani ɗan ƙaramin gari mai suna Bekoji, a lardin Arsi, fiye da kilomita 200 kudu da Adis Ababa. A ƙidayar da aka yi a shekarar 2007 mutanen garin ba su kai 20,000 ba. Manoma ne da makiyaya, masu noman alkama da sha'ir da wata ƙwaya mai kama da acca wadda suke kira tef. Kuma ba ita kaɗai ce garin ya aiko Abuja ba, domin Kenenisa Bekele, wanda ya cinye tseren mita 5,000 na maza a waɗannan wasanni, shi ma ɗan Bekoji ne.

Masu iya magana sun ce da sanyin safiya ake kama fara. A Bekoji wannan magana sana'a ce. Abin da ya kamata a bincika shi ne: wane irin aiki ne yarinya take yi da asuba, tun ba ta taɓa shiga tsere ba, wanda zai sa ta kai ƙarshen tserenta na farko da ƙarfinta? Kuma me yarinyar Kwali ko Abaji ko Kuje za ta iya ɗauka daga ciki?

YARINYAR DA TA BUƊE ƘOFA

Labarin ya samo asali ne daga wata 'yar'uwar Ejegayehu ta jini, wadda ta girme ta da shekara goma, wato Derartu Tulu. An haife ta a Bekoji a shekarar 1972, ta kuma tashi kamar sauran 'yan matan ƙauye, tana kiwon shanun gidansu a kan tuddai. Babu wanda ya yi mata tsammanin wata ɗaukaka ta wannan fuska, domin a zamanin nan gudu a Habasha harkar maza ce, kuma sunayen da aka sani su ne irin su Abebe Bikila, wanda ya cinye gudun yada-ƙanin-wani a birnin Rum a shekarar 1960 ba tare da takalmi ba.

Nasarar farko da aka san Derartu da ita a makaranta aka yi ta, a tseren mita 400, wato zagaye ɗaya tak. A nan ne ta tsere wa yaron da duk makarantar ke alfahari da shi. Malamin motsa jiki na makarantar firamare ta garin, Sentayehu Eshetu, yana daga cikin waɗanda suka lura da ita tun da wuri. Daga nan ta ci gaba zuwa tseren mita 800 da na 1,500 a gunduma, har ta wakilci lardin Arsi a gasar ƙasa tana da shekara 16. A shekarar 1990 ta cinye tseren mita 10,000 na matasan duniya a birnin Plovdiv na ƙasar Bulgariya.

Shekara biyu bayan haka, a Wasannin Olamfik na Barcelona a 1992, ta zama baƙar mace ta farko daga nahiyar Afirka da ta sami lambar zinariya a waɗannan wasanni. Kafin ita, Nawal El Moutawakel ta ƙasar Maroko ta sami zinariya a shekarar 1984 a tseren tsallake shinge na mita 400. Derartu ta sake cinye mita 10,000 a birnin Sydney a shekarar 2000.

Tun daga ranar nan ƙofa ta buɗe. Fatuma Roba ta cinye gudun yada-ƙanin-wani na Olamfik a Atlanta a 1996. Tirunesh Dibaba, ƙanwar Ejegayehu, ta sami zinariya biyu a 2008 da ɗaya a 2012. Tiki Gelana ta cinye yada-ƙanin-wani a Landan a 2012. Idan aka haɗa da guda uku na Kenenisa, wannan ɗan gari ya tara lambobin zinariya 10 na Olamfik tsakanin 1992 da 2012, kuma bakwai daga ciki mata ne suka kawo su.

ABIN DA AKE YI KAFIN RANA TA FITO

A shekarar 2012 wani mai shirya fim ɗan Ingila, Jerry Rothwell, ya fitar da wani fim na gaskiya mai suna Town of Runners, wato garin 'yan tsere, bayan ya shafe shekaru yana bin wasu 'yan mata biyu na Bekoji, Hawii da Alemi. A cikinsa duniya ta ga abin da mutanen garin suka daɗe suna gani: gari na wayewa, sai matasa maza da mata masu yawan gaske su taru a cikin dajin itatuwan turare da ke gefen gari, Malam Sentayehu yana tsaye da usur ɗinsa. Filin tseren garin kuwa na jar ƙasa ne, wanda ciyawa ke cinyewa da damina, sai 'yan tseren da kansu su fito da fartanya su gyara shi.

Wanda bai sani ba zai ɗauka cewa waɗannan yara suna fitowa ne su yi ta sheƙa gudu har su faɗi. Ba haka abin yake ba, kuma a nan ne babban darasin yake. Mafi yawan gudun asuba a Habasha gudu ne na sassarfa. Sukan fara a hankali ƙwarai, su jera layi ɗaya, kowa yana bin sawun na gabansa, suna ratsa itatuwa suna karkacewa hagu da dama. Sai jiki ya ɗumama sannan a ƙara sauri. Bayan gudu kuma sai a yi motsa gaɓoɓi tare, a ɗaga gwiwa, a karkaɗa hannu, duka a kan kari ɗaya kamar masu rawa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da dalilinsa. Gudu a hankali na tsawon lokaci shi ne yake ƙara wa zuciya ƙarfin tura jini, ya kuma ƙara yawan ƙananan jijiyoyin da ke kai jini cikin tsoka. Wannan gini ne da ke ɗaukar makonni da watanni, ba a kuma iya gaggauta shi. Ƙasa mai taushi tana rage dukan da ƙafa ke sha, saɓanin kwalta. Karkacewa tsakanin itatuwa tana sa kowane taku ya bambanta da na bayansa, don haka nauyi ba ya sauka a wuri ɗaya na ƙashi ko agara sau dubbai. Gudu cikin layi kuwa yana hana sabon shiga yin gaban kansa, yana kuma koya masa bin saurin wani, wanda shi ne rabin ilmin tsere.

Ana yawan cewa sirrin Bekoji tsawo ne kawai. Gaskiya ne garin yana bisa tudu mai tsawon kusan mita 2,800 daga gaɓar teku, inda iska ba ta da kauri, wanda hakan ke sa jikin mazauna wurin ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini. Abuja kuwa tana tsakanin mita 400 da 500 ne, Jos kuma wajen mita 1,200. To amma garuruwa masu irin tsawon Bekoji suna da yawa a Habasha da sauran duniya, ba su kuwa fitar da ko ɗan tsere ɗaya ba. Abin da ya bambanta Bekoji shi ne malami mai lura, da taron abokan gudu, da kuma misalin 'yar gida wadda ta je ta dawo da zinariya. Tsawo ba ya ɗaukuwa, amma waɗannan ukun ana iya dasa su a ko'ina.

MAKO TAKWAS A KWALI

A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara 15 a wata makarantar sakandare a Kwali, cikin Yankin Babban Birnin Tarayya. Lafiyarta ƙalau, ta saba da ɗiban ruwa da tafiyar ƙasa, amma ba ta taɓa shiga tsere ba. An sa sunanta a tseren mita 3,000 na makarantu, saura mako takwas. Iyayenta sun amince, da sharaɗin ba za ta fita ita kaɗai ba.

Dalilin zaɓen asuba a nan ya ma fi na Bekoji ƙarfi, domin can sanyi ne, nan kuwa zafi. A watan Maris zafin rana a yankin Abuja yakan wuce awo 35, alhali da asuba yakan sauko zuwa ashirin da 'yan kai. Idan mutum yana gudu cikin zafi, jiki yakan karkatar da wani kaso na jini zuwa fata don ya huce, sai abin da ke isa ga tsoka ya ragu, zuciya ta ƙara bugawa, a gaji da wuri ba tare da an sami ribar horon ba. Saboda haka lokacin da ya dace shi ne bayan sallar asuba, da zarar gari ya yi shaa, ana iya ganin rami da dutse da maciji. Ta sha kofi ɗaya na ruwa kafin ta fita, ta fita da yayanta ko ƙawayenta biyu, su bi hanyar gona ko gefen filin makaranta, su kauce wa babban titin Lakwaja mai manyan motoci.

A mako na ɗaya da na biyu, kwana uku kawai za ta fita, tana barin kwana ɗaya a tsakani. Za ta yi sassarfa ta minti biyu, ta yi tafiya ta minti ɗaya, ta maimaita haka sau takwas, wato minti 24 ke nan. Ma'aunin saurin kuwa mai sauƙi ne, ba ya bukatar agogo: idan tana iya yi wa ƙawarta magana cikakkiya tana gudu, to saurin ya yi daidai. Idan kuwa sai kalma ɗaya ɗaya take iya fitarwa, ta yi sauri da yawa, sai ta rage. Za ta ji kamar wasa take yi, har ta so ta ƙara. A nan ne ake bukatar mai tsawatawa, domin huhu da zuciya sukan saba da gudu cikin 'yan makonni, amma ƙashi da agara sukan ɗauki lokacin da ya fi haka. Wanda ya bi ta numfashinsa kawai, ƙafarsa ce za ta biya.

A mako na uku da na huɗu za ta daina tsayawa. Ta yi minti 20 a jere, daga baya ta kai 25, kwana huɗu a mako. Bayan an gama, sau biyu a mako, sai ta yi gajeren gudu mai sauri na kamar taku 60, sau huɗu, tana dawowa da tafiya. Wannan ba don gajiya ba ne, don ƙafa ta koyi saurin sauka da tashi ne.

A mako na biyar da na shida ne za a shigo da wahala, ita ma rana ɗaya tak a mako. Bayan sassarfa ta minti goma, sai ta yi minti ɗaya da ƙarfi, ta yi minti biyu a hankali, sau shida. Idan akwai ɗan tudu kusa, kuma Kwali ba ta rasa tuddai, ana iya yin wannan a kan hawa, a sauko da tafiya. Ranar Asabar kuma, da yake babu makaranta, sai ta tsawaita sassarfar zuwa minti 35 ko 40. Sauran kwanaki biyun su kasance masu sauƙi ƙwarai.

A ƙarshen mako na shida za a yi gwaji. Malamin wasanni ya auna mita 400 da igiyar awo a filin makaranta, domin kewayen filin ƙwallo na sosai bai cika mita 350 ba, kuma wanda ya ɗauke shi a matsayin zagaye guda zai yaudari kansa. Ta yi zagaye huɗu iyakar ƙoƙarinta. A ce ta gama cikin minti 7 da daƙiƙa 30. Wannan ya nuna cewa minti 15 a mita 3,000 buri ne da za ta iya cimmawa ba tare da ganganci ba. Da yake mita 3,000 zagaye bakwai da rabi ne, lissafin ya fito sarai: minti biyu a kowane zagaye.

A mako na bakwai, ranar wahala za ta zama ranar koyon wannan sauri. Ta yi mita 400 cikin minti biyu daidai, ta huta minti biyu, sau biyar, malam yana faɗa mata lokaci. Manufar ita ce jikinta ya haddace saurin, yadda ko ba agogo za ta gane shi. A mako na takwas kuwa sai a rage aikin da rabi, ta huta sarai kwana ɗaya ko biyu kafin tsere. Babu wani ƙarfi da za a ƙara a kwana biyar na ƙarshe, amma ana iya zubar da wanda aka tara.

ALAMOMIN DA BA A RENAWA

Abu na farko da yakan tsayar da sabon ɗan tsere shi ne ciwon ƙwauri. Idan ciwon ya bazu a tsawon gefen ƙashin ta ciki, kuma yana raguwa bayan jiki ya ɗumama, alama ce ta cewa an ƙara aiki da sauri fiye da kima, ko an yawaita gudu a kan kwalta. Maganinsa a rage gudu na 'yan kwanaki, a koma ƙasa mai taushi. Amma idan ciwon ya tsaya a wuri ɗaya da za a iya nunawa da ɗan yatsa, yana ƙaruwa da gudu, har ba ta iya tsalle a kan ƙafar, to ana jin tsoron ƙashin ya fara tsagewa. A nan sai a dakatar da gudu baki ɗaya, a je asibiti, ko da kuwa za a rasa tseren.

Na biyu ya fi ɓoyewa, shi ne ƙarancin jini. 'Yan mata masu tasowa suna cikin waɗanda suka fi fuskantarsa saboda jinin al'ada, a ƙasar nan kuma ga zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna ƙara ta'azzara shi. Alamarsa ita ce, maimakon gudu ya riƙa sauƙi mako bayan mako, sai ya riƙa tsanani: haki a kan saurin da dā ba ya sa ta haki, jiri, bugun zuciya, da fari a cikin fatar ido da tafin hannu. Sau da yawa akan zargi irin wannan yarinya da ragwanci, a ƙara mata aiki, alhali gwajin jini ɗaya a ƙaramin asibiti zai bayyana gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar ma'aunin jan jini da ya gaza 12 a matsayin ƙarancin jini ga yarinya mai waɗannan shekaru. Hanta da nama da kifi da wake da zogale suna taimakawa, musamman idan an haɗa da lemo ko gwaiba. Shayi kuwa yana rage tsotsar sinadarin ƙarfe idan an sha shi tare da abinci, don haka a ba da tazara. Magani kuma sai wanda ma'aikacin lafiya ya rubuta.

Na uku shi ne rashin isasshen abinci. Yarinyar da ta yi gudun minti 40, ta dawo ta yi shara da wanke-wanke, ta tafi makaranta ba ta karya kumallo ba, jikinta zai fara cin kansa. Koko da ƙosai, ko ɗumamen tuwo, ko kunun gyaɗa, cikin sa'a guda bayan gudu, sun wadatar. Babbar alamar cewa abincin bai kai aikin ba ita ce ɗaukewar al'ada. Idan ta ɗauke har wata uku, kada a ɗauka alamar ƙwazo ce, domin a wannan hali ƙashi yana yin rauni, kuma a waɗannan shekaru ne yake ginuwa. Wannan magana ce da uwa ko malama mace ta fi dacewa ta sa ido a kai.

Akwai wani awo da yarinyar za ta iya yi da kanta kowace safiya kafin ta tashi daga shimfiɗa. Ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ta ƙirga bugun jijiya na minti ɗaya. Bayan mako guda za ta san adadin da ta saba. Ranar da ta ga ya haura da kamar goma, ko tana jin zazzaɓi, ranar hutu ce. Gudu da zazzaɓi a jiki haɗari ne ga zuciya.

Game da sutura kuwa, wadda ita ce damuwar iyaye da yawa, dokokin tsere ba su tilasta gajeren wando ba. Ruqaya Al-Ghasara ta ƙasar Bahrain ta cinye tseren mita 200 a Wasannin Asiya na Doha a shekarar 2006 da lulluɓi a kanta, hannuwa da ƙafafu a rufe. Abin lura kawai shi ne yadin ya zama mara nauyi, mai shan iska, kuma ta yi horo da shi tun kafin ranar tsere. Haka ma takalmi: kada a sa sabo ranar gasa.

RANAR TSERE

Yawancin wasannin makarantu da rana ake yinsu, ba da asuba ba, kuma wannan yakan ba mai gudun asuba mamaki. Saboda haka a makonni biyu na ƙarshe ya kamata ta yi sassarfa mai sauƙi sau biyu ko uku da la'asar, don jiki ya ɗanɗana zafi. Ranar tseren ta ci abincin da ta saba sa'a uku kafin lokaci, ta riƙa kurɓar ruwa, ta zauna a inuwa, sannan ta yi sassarfa ta minti goma kafin a kira su.

Tseren mita 3,000 ana fara shi ne daga tsakiyar zagaye, wato mita 200 kafin layin ƙarewa. Bisa lissafinta, ya kamata ta iso layin a karo na farko cikin minti ɗaya, daga nan kuma ta riƙa wucewa bayan kowane minti biyu, sau bakwai. To amma da zarar an busa usur, ga ihun 'yan makaranta, ga kiɗa, sai kusan dukan yaran su fyalla kamar tseren mita 400 ne. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane yawa a tseren farko.

Ga yadda lissafin mai gaggawa yake kasancewa. Ta yi mita 200 na farko cikin daƙiƙa 45, zagaye na gaba cikin minti 1 da daƙiƙa 40. Ta ci ribar daƙiƙa 35, tana gaba, ana yi mata tafi. Amma ta yi wannan gudu ne da saurin da ya wuce abin da numfashinta zai iya biya, sai ƙafafu su yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse. Sauran zagaye shida ta yi kowanne cikin minti 2 da daƙiƙa 15, ta yi asarar daƙiƙa 90. Ta gama a minti 15 da daƙiƙa 55, idan ma ta gama ke nan. Ita kuwa wadda ta riƙe minti biyu, a zagaye na farko tana can baya har ana yi mata dariya, a na huɗu ta fara tsintar su ɗaya bayan ɗaya, ta kuma iso kusan minti guda kafin waccan. Sauri ya haifi nawa.

Wannan haƙuri shi ne ainihin abin da Derartu ta nuna a Barcelona. Elana Meyer ta Afirka ta Kudu, wadda ƙasarta ta dawo Olamfik a shekarar bayan an daɗe da korarta saboda mulkin wariyar launin fata, ita ce ta ƙara wuta bayan an wuce rabin tsere, ta watsar da sauran. Derartu ta bi ta, ta liƙe a bayanta zagaye bayan zagaye, ba ta wuce ba, ba ta kuma bari an bar ta ba, kamar dai yadda ake bin sawu a dajin turare. Sai da ya rage kimanin zagaye ɗaya sannan ta fito ta wuce, ta gama cikin minti 31 da daƙiƙa 6. Bayan haka su biyun, baƙa da fara, suka riƙe hannu suka zagaya filin tare, hoton da har yau ake tunawa da shi.

Ejegayehu kuwa ta koyi wani darasin na daban, shekara guda bayan Abuja. A Olamfik na Athens a 2004, Xing Huina ta ƙasar Sin ta wuce ta a mita na ƙarshe, ita kuwa, kamar yadda aka ba da labari a lokacin, ta ɗauka wata ce daga cikin waɗanda aka riga aka zagaye, ba ta bi ta ba. Ta tashi da azurfa, Derartu kuma da tagulla. Ke nan ko gwanaye sukan ruɗe a lissafi, balle sabon shiga. Yarinya ta riƙa ƙirga zagayenta da kanta, ta kuma san su wa ke gabanta.

BAYAN AN TASHI DAGA FILI

Fim ɗin Rothwell bai ɓoye ɗaya gefen labarin ba. Bayan Hawii da Alemi sun nuna ƙwazo a gasa, an tura su ƙungiyoyin wasa a wasu garuruwa, nesa da iyaye. A can aka ga cewa alkawari daban, cikawa daban: akwai sansanin da babu isasshen abinci, babu kayan aiki, ga kewar gida, ga rauni. Daga cikin ɗaruruwan da ke fitowa daji da asuba, ƙalilan ne suke kaiwa Adis Ababa, waɗanda suke kaiwa Olamfik kuwa ana ƙirga su da yatsu. Don haka duk uban da aka zo masa da maganar ɗaukar 'yarsa zuwa wani sansani, haƙƙinsa ne ya tambaya: wa zai ciyar da ita, wace mace ce za ta kula da ita, ina za ta kwana, kuma wace makaranta za ta ci gaba da zuwa? Idan babu amsa gamsasshiya, zamanta a gida tana gudun asubarta ya fi.

A ƙasar nan ma akwai inda irin wannan shuka ta fara tsiro. Jihar Filato, musamman wajen Pankshin da Jos, ita ce ta fi fitar da masu dogon gudu, kuma 'yarta Deborah Pam ta sha zama ta farko cikin matan Nijeriya a gudun yada-ƙanin-wani na Legas, wanda aka fara a shekarar 2016. Filin da Ejegayehu ta zagaya sau 25, wanda aka sauya wa suna zuwa na Moshood Abiola a 2019, yana nan a bakin shiga birni, tafiyar sa'a guda ko fiye kaɗan a mota daga Kwali.

Abin da ke tsakanin yarinyar Kwali da wannan fili ba ya sayuwa da kuɗi mai yawa. Malamin wasanni ne mai igiyar awo da agogo, wanda ya san lokacin da zai ce a rage. Uwa ce mai ajiye kunu kafin a dawo, mai kuma lura da farin ido. Ƙawaye ne biyu ko uku da za su ƙwanƙwasa ƙofa bayan an idar da salla. Sai kuma ita kanta yarinyar, wadda za ta yarda ta yi mako takwas tana gudu a hankali, ta kuma yarda a wuce ta a zagaye na farko, don ta san cewa bakwai da rabi ne za a ƙirga.